Kafin Kafinta Ya Taka Tsani



Duk wanda yake bin hanyar Gwarzo daga Kano a farkon damina, ya wuce Janguza ya nufi Rimin Gado, ya san abin da iskar hadarin farko take bari a bayanta. Kwano a yaye, wani ya naɗe a kan bishiyar darbejiya, wani yana can cikin gonar maƙwabci. Washegari kuwa sai ƙarar guduma ta cika gari. A Gulu, a Yalwan Danziyal, a Butu-Butu, a Karofin Yashi, za ka hango mutane a saman ɗakuna, kowa yana sauri ya rufe kafin ruwa na biyu ya sauko. Wannan shi ne lokacin da kafintoci suka fi samun aiki a shekara, kuma shi ne lokacin da suka fi shiga hatsari, domin ana hawa a gaggauce, a kan katakon da iska ta riga ta girgiza.

Sharhinmu na yau a kan abin da ya kamata a yi ne kafin a jingina tsani, wato auna hatsarin aiki. Masu manyan kamfanonin gini suna yin sa a takarda mai layuka da sa hannu. Amma ainihinsa tambayoyi huɗu ne, kuma kafintan ƙauye zai iya amsa su da bironsa a bayan kwalin ƙusa. Mene ne zai iya cutar da mutum a wannan aikin? Wa zai cutar? Me za a yi don hana shi? Sannan wane ne, da sunansa, zai yi wannan abin, kuma yaushe? Ni a ganina tambaya ta huɗun nan ita ce muke zubarwa. Uku na farko kowa ya sani. Idan ka tambayi yaron kafinta zai gaya maka tsani yana zamewa, ruɓaɓɓen katako yana karyewa. Amma in ka ce wa zai ɗaure tsanin, sai a ce maka ai kowa zai kula. Inda aka ce kowa zai kula, ba a ɗora wa kowa komai ba.

Bari mu fara da kawar da wani tunani da ya zauna mana a rai, cewa ɗaki mai hawa ɗaya ba wani tsayi ba ne. Bangon ɗaki irin namu yana kai mita 3, wato kusan ƙafa 10. Wanda ya suɓuto daga nan, bai cika daƙiƙa ɗaya ba ya iso ƙasa, kuma yana isowa ne da gudun kusan kilomita 28 a awa. In daga tsakiyar rufin ya faɗo, inda tsayin yake mita 4 da rabi, gudun ya haura kilomita 30. Babu lokacin kama wani abu, babu lokacin gyara faɗuwa. Abin da yake ƙasa, ko bulo ne, ko benci, ko rodin da aka bari a tsaye, shi zai tarye shi. A Amurka doka ta ce mai aikin gini yana bukatar kariya daga ƙafa 6. A Birtaniya, dokar aiki a sama ta 2005 ta daina dogaro da wani ƙayyadadden tsayi, ta ce duk inda faɗuwa za ta iya ji wa mutum rauni, to aikin sama ne. Dokar ta kuma tsara matakai a jere: in ana iya yin aikin daga ƙasa, a yi shi daga ƙasa, in dole sai an hau, a hana faɗuwa, in ba za a iya hanawa gaba ɗaya ba, a rage nisan faɗuwar da illarta. Wannan jerin zai yi mana amfani a gaba.

To mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wata Islamiyya ce a ɗaya daga cikin ƙauyukan Rimin Gado, ginin bulo mai aji biyu, tsawonsa mita 16, faɗinsa mita 7, bango mita 3, ƙololuwar rufin mita 4 da rabi. Iska ta yaye rabin kwanon. Kwamitin makaranta ya tara kuɗi, ya yanke shawarar a cire sauran a sake sabo, wajen bandir 7, kowane bandir falle 20. An ba babban kafinta aikin, yana da mataimaki, da yara biyu masu koyo, da lebura ɗaya. Ga shugaban kwamiti mai riƙe da kuɗi, ga shugaban malamai, ga mai unguwa. Layin wuta ya bi ta gefen hanya, kuma akwai wayar da ta taso daga fal ta shiga ginin.

Abu na farko, ranar dubawa daban take da ranar aiki. Babban kafinta da shugaban kwamiti su zagaya ginin tare, daga ƙasa, ba wanda ya hau. Duk hatsarin da suka gani su auna shi da ma'auni biyu: yaya sauƙin faruwarsa yake, kuma in ya faru yaya muninsa. A ba kowanne maki daga 1 zuwa 3, a ninka. Yankan kwano a hannu yana faruwa kullum, maki 3, amma yawanci ɗinki ne ko bandeji, maki 1, jimla 3. Taɓa babban layin wuta ba kullum ba ne, a ce maki 2, amma kisa yake yi, maki 3, jimla 6. Burmawa ta ruɓaɓɓen katako a rufin da iska ta taɓa, 3 sau 3, wato 9. Amfanin lissafin shi ne ya nuna inda za a fara kashe kuɗi. Na sha ganin an saya wa ma'aikata safar hannu an ɗauka an gama, alhali abin da zai kashe su ba a taɓa shi ba. Ƙa'idar ita ce, duk abin da ya kai 6, ba a hawa sai an sauko da shi.

Mu fara da mai maki 9. Rufin da ya daɗe, abokan gabarsa biyu ne: gara da yoyo. Gara tana cinye cikin katako ta bar bayansa lafiya lau, har da fentinsa. Yadda ake gane ta ba boyayye ba ne. A buɗe silin daga ciki a haska tocila. A nemi hanyoyin ƙasa da take ginawa a jikin bango zuwa sama. A ƙwanƙwasa katakon da guduma: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye yana yin sautin fanko. A danna ƙusa inci 4 da hannu a ƙarshen rafta, inda ta zauna a kan bango. In ta shige ba tare da an buga ba, wannan raftar ba ta ɗaukar mutum. A duba inda ruwa ya bar baƙin tabo, a kuma duba langa-langar da ta ɗaure katakon da bango, domin iskar da ta ɗaga kwano sau da yawa ta riga ta sassauta wannan ɗaurin. Duk katakon da ya faɗi jarrabawa a shafa masa jan fenti, kowa ya san ba a taka shi. Wannan aikin babban kafinta ne da kansa. Ba a tura yaro, don yaro bai san sautin ba tukuna.

Akwai wani abu da ko ƙwararru suna mantawa. Tsohon kwano, duk tsatsarsa, shi yake riƙe da raftocin su tsaya a miƙe. Da zarar an cire shi gaba ɗaya, sai ka ga jerin katakon yana rangaji, mutum ɗaya ya jingina su kwanta gefe guda. Saboda haka ba a yaye rufi duka a lokaci ɗaya. A cire kashi, a buga katako a karkace ya riƙe raftocin, a gyara, a rufe, sannan a matsa gaba. In kuma tsohon rufin na asbestos ne, irin wanda yake kan tsofaffin makarantu da asibitoci, to ba a taka shi ko kaɗan, domin ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa kawai yake yi. Ba a yanka shi da zarto, ba a farfasa shi, a jiƙa shi da ruwa a sauke shi falle-falle, saboda ƙurarsa tana haddasa ciwon huhu da kansa bayan shekaru masu yawa.

Ko katakon yana da lafiya, tsakanin rafta da rafta rami ne, kuma silin ba ya tare kowa. Sabon kwanon nan na kasuwa mai laushi shi ma ba ya ɗaukar mutum a tsakiyarsa. Kafintoci suna bin layin ƙusa ne, inda akwai katako a ƙasa. Amma bin layin ƙusa dabara ce ta ƙafa, ba kariya ba ce, kuskuren taku ɗaya ya isa. Kariyar ita ce falanki mai kauri da aka shimfiɗa ya haye aƙalla katako uku, an buga masa ƙananan itace a gicciye don kada ƙafa ta zame, an kuma ɗaure shi. A ƙarƙashi, cikin ajin, a fitar da bencina da duk wani tarkace, a kafa dandamalin katako mai tsayin mita 2 daidai inda ake aiki, ana matsar da shi tare da aikin. Wanda ya burma kusa da bango zai faɗo mita 1 maimakon 3. Kuma da wannan dandamalin ana iya yin yawancin gyaran rafta a tsaye daga ciki, ba tare da an hau kanta ba. Yanka da haɗa katako kuwa duk a yi su a ƙasa. Wa ke da alhaki? Kafa dandamalin da duba shi kowace safiya na mataimakin kafinta ne. Fitar da bencina na shugaban malamai ne, kafin ranar aiki. Kuɗin falankin kuwa na shugaban kwamiti ne, kuma zan dawo kan wannan.

Sai bakin rufin, inda aka fi faɗowa. A nan ne nake so masu sauraro su ba ni hankalinsu, don akwai ruɗu. Mutane suna ganin ma'aikatan manyan gine-gine a Abuja ko a cikin Kano sanye da ɗamarar tsaro mai igiya, sai su ɗauka in an sayo ta an gama. Mu yi lissafi. Igiyar irin wannan ɗamarar yawanci mita 2 ce. A jikinta akwai wani ƙunshi da yake warwarewa don ya rage fizgar faɗuwa, yana iya ƙara har mita 1 da kwata uku. Ga tsawon mutumin da kansa daga inda aka maƙala masa zuwa tafin ƙafa, ga ratar da ake bari don kada ya taɓa ƙasa. In ka haɗa, ana bukatar sarari sama da mita 6 a ƙarƙashin wurin da aka ɗaure igiyar. Ginin namu mita 3 ne. Ma'ana mutum zai bugi ƙasa igiyar ba ta ko miƙe ba. Ƙari a kan haka, wurin da ake ɗaure irin wannan igiya dole ya iya ɗaukar nauyin da ya haura tan ɗaya, kuma siririn katakon da aka riƙe da ƙusa biyu ba zai iya ba. Igiyar da ake ɗaurawa a kugu kawai kuwa, in mutum ya faɗo ta fizge shi, tana iya ji masa ciwo a ciki da ƙashin baya.

A ɗaki mai hawa ɗaya, igiya tana amfani ne ta hanya guda: a gajarta ta yadda mai ita ba zai ma iya kaiwa bakin rufin ba. In daga ƙololuwa zuwa baki mita 4 ne, igiyar kada ta bar shi ya kai nan, kuma a matsar da maɗaurinta yayin da aiki yake tafiya. Amma ta gefen ginin, inda rufin ya ƙare, wannan igiyar ba ta hana shi zarcewa, kuma wani dole ya buga layin ƙusa na ƙarshe a baki. Shi ya sa abin da ya fi shi ne dandamali a waje, a jikin bangon da ake aiki, ɗan ƙasa kaɗan da bakin rufin. Faɗinsa falanki uku, wajen santimita 60. A bayansa a buga shinge mai tsayin kusan mita 1, da wani a tsakiya, da ɗan katako a ƙasa mai tare guduma ko ƙafa. Ƙafafunsa su zauna a kan falanki, ba a kan bulo ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ba sai an zagaye ginin duka ba; a yi mai tsawon mita 4 ko 5 ana ciccibarsa gaba. Fifikon dandamali a kan igiya shi ne yana kare kowa, har da yaron da ya manta, ba ya jiran mutum ya tuna ya maƙala wani abu.

Tsani kuma fa? Ku lura da wani abu da ake gani kullum. Katako a kasuwa yawanci ƙafa 12 ake sayar da shi, wato kusan mita 3 da santimita 66, kuma da shi ake haɗa tsani a wurin aiki. To tsani yana bukatar a ja ƙafarsa baya kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin da ya jingina: bango mita 3, ƙafar tsani santimita 75 daga bango. Kuma kansa ya zarce bakin rufin da mita 1, domin mai sauka ya sami abin riƙewa lokacin da yake juyowa yana laluben matakin farko da ƙafa. Wannan juyowar ita ce mafi hatsari a duk hawa da sauka. In ka lissafa, ana bukatar tsanin da ya haura mita 4. Na ƙafa 12 bai kai ba, shi ya sa ake miƙar da shi tsaye ko a ɗora shi a kan bulo, duka biyun kuma hanyar asibiti ce. Matakan da aka buga da ƙusa kawai suna zarewa. A sassaƙa musu gurbi a jikin dogayen katakon su zauna a ciki, sannan a buga. A ɗaure kan tsanin da igiya a jikin abu mai ƙarfi, kuma kafin a ɗaure, mutum ya riƙe ƙafarsa. Ba a hawa da kwano a ka ko guduma a hannu. Kayan aiki a jaka, kwano a miƙa daga dandamali. A ba babban yaron kafinta wannan, a ce tsani naka ne, kai za ka duba shi da safe, kai za ka kwantar da shi in an tashi, don kada ɗalibai su hau. Yaro in an ba shi abu da sunansa yana riƙe shi da muhimmanci.

Yanzu wutar lantarki. A ƙauyukanmu kalmar da ta fi hatsari a bakin mai aikin sama ita ce, ai babu wuta. Gaskiya ne ana iya kwana da kwanaki ba a kawo ba. Amma ba wanda yake sanar da kai lokacin da za a kawo. Kuma ko ba a kawo ba, maƙwabcin da ya tayar da janareta ba tare da ya raba layinsa da na gari ba yana iya mayar da wuta cikin wayar. In akwai farantin sola a kan rufin, shi kuma muddin rana tana dukansa yana ba da wuta, ko an kashe komai a cikin ɗaki. Saboda haka kowace waya a ɗauke ta tana da rai. Babban layi mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ba ya ma jiran a taɓa shi, in ƙarfe ya matso kusa sosai wutar tana tsallakowa. Mafi ƙarancin ratar da ake bari mita 3 ce, kuma ba daga jikin mutum ake aunawa ba, daga ƙarshen abin da yake riƙe da shi ne. Mai ɗauke da dogon kwanon alminiyam na mita 5, in ya juya shi, hannunsa ya ƙaru da mita 5.

Maganin a nan ba ya hannun kafinta. Wayar da ta shiga ginin, ma'aikatan KEDCO ne za su cire ta daga fal kafin a fara, ba wani mai gyaran wuta na unguwa da zai hau da filaya ba. In babban layin ya yi kusa da ginin har ba za a sami ratar nan ba, sai an nemi su kashe layin, sun tabbatar a wurin, an yi aikin ɓangaren a cikin lokacin da suka bayar. Wanda zai je ofishinsu, ya bi sawu, ya tsaya har a cire, shi ne shugaban kwamiti, da taimakon mai unguwa in ana bukatar murya mai nauyi. Nauyin kafinta shi ne ya ƙi hawa har sai ya ga wayar a ƙasa da idonsa, ya kuma tsara a riƙa ɗaga kwano ta bayan ginin, nesa da hanya. Farantin sola kuma wanda ya iya haɗa shi ne zai kwance shi.

Iska da hadari su ma suna bukatar mai su. Fallen kwano a hannun mutum a sama, iska tana kama shi gaba ɗaya ta ja shi da mai riƙonsa. Masu aikin rufi a Birtaniya suna dakatar da shimfiɗa kwano in iska ta kai wajen kilomita 37 a awa, in dogon kwano ne kuma tun daga wajen 27. Ba mu da na'urar aunawa, amma muna da ido. In ƙura da ledoji sun fara tashi daga ƙasa, ƙananan rassa suna motsi, a ajiye dogon kwano. In ƙananan bishiyoyi sun fara rangaji gaba ɗayansu, kowa ya sauko. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa tana riga ruwan isowa, wani lokaci da 'yan mintuna kawai. Wanda yake sama kansa a sunkuye yake, yana kallon ƙusa. Don haka leburan da yake ƙasa shi ne mai kallon gabas, kuma a gaya masa a gaban kowa cewa in ya ce a sauko, maganarsa ta hau kan ta maigida. In an ji tsawa, a sauka, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Kada a tara kwano a sama fiye da wanda za a buga nan take, kuma fallen da aka ɗora a gama buga shi kafin a sauko.

Zafin bazara a ƙasar Kano yana kai maki 40, kwano kuma yana mayar da shi fuska. Jiri a sama faɗuwa ne. A fara da sassafe bayan raɓa ta bushe, a sauko kafin azahar, a koma bayan la'asar in sama tana da kyau. In azumi ne, aikin sama na safe ne kawai. Silifa ba ta hawa rufi, sai takalmi mai rufi da ƙasan roba. Wanda ya sha ƙwaya don ya ji ƙarfi, babban kafinta ya mayar da shi gida, ko ɗansa ne.

Na ƙasa kuma, wato ɗalibai da masu wucewa, nasu mai sauƙi ne in an shirya. Makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu Alhamis da Juma'a. A sa cire tsohon kwano a ranakun, sauran kwanakin a mayar da karatu wani wuri. A ja igiya a kewaye ginin da ratar mita 3 ko fiye. Ba a jefo tsohon kwano daga sama, a miƙo shi, a jera shi a danne da bulo, a tsince ƙusoshi kafin magariba. Shugaban malamai ne mai wannan.

Na ce zan dawo kan kuɗi. In kun lura, duk abin da ya fi kare rai a cikin jerin nan, dandamali, falanki, dogon tsani, jiran KEDCO, sauka saboda iska, ko kuɗi yake ci ko lokaci. Mu kuwa jinga muke bayarwa. Ana ciniki a kan rufin gaba ɗaya, a matse kafinta har sai ya ce na sallama, sannan a ce masa ana so kafin Juma'a. Wanda aka yi wa haka, kowane falanki daga abincin iyalinsa zai fita, kowace awa da ya zauna jiran iska asararsa ce. Ba zai kafa dandamali ba, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Saboda haka nake cewa kaso mafi girma na alhakin yana kan mai riƙe da kuɗi, kuma a wurin ciniki ake yanke ko aikin zai yi lafiya. A ware kuɗin dandamali daban da ladan aiki. Katakon ba asara ba ne, in an gama ana yin bencina da shi ko a shigar da shi aikin silin. A kuma amince tun farko cewa ranar da iska ta hana aiki ba za a zargi kafinta da saɓa alkawari ba.

Doka tana nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da suke bayarwa ga asusun NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ɗan kwangilar da ya karɓi gyaran makarantar gwamnati daga ƙaramar hukuma ko daga jiha, ya kamata injiniyan da yake sa ido ya tambaye shi wannan, ya kuma nemi takardar auna hatsarinsa kafin ya ba shi wuri. Amma kafintan da ya karɓi jinga da baki a ƙofar masallaci, wannan asusun bai san da shi ba. Abin da yake da shi shi ne shaidu. Don haka a karanta takardar nan a gaban mai unguwa ko liman, a faɗi wanda zai ɗauki kuɗin magani in wani abu ya faru, tun kowa yana da lafiyarsa.

Layin ƙarshe a takardar shi ne na ranar da komai ya ƙi. Wa yake da mota a kusa, an karɓi lambarsa, an gaya masa ranakun aikin? Wannan na shugaban kwamiti ne. Wanda ya faɗo daga rufi, a ɗauka ƙashin wuyansa ko na bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ɗura masa ruwa, kada a ɗora shi a babur a tsakiyar mutum biyu, domin karayar da ba ta taɓa laka ba tana iya taɓa ta a kan hanya, mutum ya shanye har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su mirgina shi gaba ɗaya a kan falanki mai faɗi ko ƙyauren ƙofa. In yana amai, ko barci yana fizgarsa, ko jini ko wani farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, wannan ba aikin maɗori ba ne. A nufi asibiti mafi kusa, in sun tura Kano a wuce, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano. Daga Rimin Gado tafiyar ba ta da nisa. In wuta ce ta kama shi, kada kowa ya taɓa shi sai an tabbatar an yanke ta, in babban layi ne ma kada a matsa kusa ko da sanda.

Takardar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce. Kowace safiya, kafin a jingina tsani, babban kafinta ya tara mutanensa minti biyar, ya kira kowane layi, mai shi ya amsa. In an yi ruwa da dare, a sake duba ƙafafun dandamali. In an buɗe kwano aka tarar gara ta wuce inda aka zata, a tsaya, a kira shugaban kwamiti, a sake lissafin katako da na kwanaki. In mataimaki bai zo ba, a faɗi wanda ya karɓi layinsa a ranar kafin kowa ya hau.